Hukuncin rubuta "an yi kuskure" a imel alhali mai rubutun shi ne ya yi kuskuren

Tambaya: Malam, ni mai kula da sito ne a wani kamfanin gyaran shinkafa a Birnin Kebbi. A ƙarshen kakar shinkafar rani an sauke mana shanshera da yamma, manaja ya ce in sa a shigar da ita sito kafin in tashi. Na manta. Ruwan farko ya sauka da dare, buhu 40 suka jiƙe. Da safe na aika wa mai kamfani imel na ce: "An samu ɗan jinkiri wajen shigar da kaya, kuma da alama ruwa ya taɓa wasu buhuna." A ƙarshen wata sai aka yanke wa mai gadi albashi, wai bai rufa tamfol ba. Wani abokina ya ce ban yi ƙarya ba, tauriya ce, wato jirwaye: kalmomin gaskiya ne, sai dai mai karatu zai fahimci wani abu dabam. Haka kuma ni nake rubuta wa shugabannin ƙungiyoyin manoma cewa "ba a samu damar biyan kuɗinku a wannan mako ba." Mene ne hukuncin waɗannan?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, da zuciyarka ta gamsu da maganar abokinka da ba ka rubuto ba, kuma ina ganin albashin mai gadin nan ne ya hana ka barci.

Na manoma mai sauƙi ne. Ba kai ka riƙe kuɗin ba, kuma abin da suke buƙatar sani, wato babu kuɗi a wannan mako, ya isa gare su sarai. Ya halatta. Sakaya mai aiki da "an" tsohon ladabi ne, a Hausa da Larabci duka. A Suratul Jinn, aya ta 10, da aljanu suka ambaci sharri cewa suka yi "aka nufa", da suka zo kan shiriya sai suka ce Ubangijinsu ne ya nufa. Annabi (SAW) ma yakan yi gyara da cewa "me ya sami wasu mutane", ba ya kama suna. Sai dai ka kula da abu ɗaya: in ka san kuɗin ba za su fito ba sai bayan wata biyu, "a wannan mako" ya zama yaudara, domin manomi zai ji kamar mako mai zuwa ne, ya je ya ci bashin taki a kan haka.

Imel ɗin shanshera kuwa, kalma uku ne a cikinsa, kowace da hukuncinta. "An samu" ta ɓoye wanda ya yi. "Ɗan jinkiri" ta rage girman abin, alhali kaya sun kwana a waje. Mafi muni ita ce "da alama". Kai ka ƙirga buhunan da hannunka, ka samu 40. "Da alama" da "wataƙila" labari ne game da abin da ke zuciyarka, kana cewa ba ka tabbatar ba. Wanda ya tabbatar sannan ya rubuta haka ya faɗi abin da ba haka yake ba, saboda haka wannan ba ta ma shiga babin tauriya. Da a ce ba ka riga ka buɗe buhunan ba, da ita ce kalmar da ta dace, kuma da haramun ne ka yanke adadin da ba ka sani ba.

Saura "an samu", wadda abokinka ya dogara da ita. Ra'ayin da yake ɗauke da shi ya yaɗu a ofisoshi: muddin kowace kalma gaskiya ce a kan kanta, babu zunubi, ko me mai karatu ya fahimta. Sukan kafa hujja da maganar da aka ruwaito daga magabata cewa a cikin jirwaye akwai mafita daga ƙarya, da ƙissar Ummu Sulaim lokacin da ɗanta ya rasu, mijinta Abu Ɗalha ya tambaye ta jikin yaro ta ce ya samu natsuwa. Ƙissar ta inganta, amma a dube ta da kyau. Ummu Sulaim ba ta da laifi a mutuwar, babu wanda ya yi asarar ko kwabo saboda maganarta, kuma ita da kanta ta gaya masa gaskiya ba da daɗewa ba. Jinkirta baƙin ciki ta yi don tausayin mijinta. Kai kuwa kanka ka kare, wani ya biya, kuma har yau ba ka koma ka faɗa ba.

Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya tsara mas'alar a Al-Azkar: in akwai maslaha ta shari'a ko buƙatar da babu makawa, babu laifi, in babu, makaruhi ne, in kuwa an bi ta wannan hanya don cin abin da ba haƙƙi ba ko ture haƙƙin wani, ta zama haramun. Ibnu Taimiyya ya ce duk abin da bayyana shi wajibi ne, yin jirwaye a cikinsa haramun ne, domin ɓoyewa ce. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa rantsuwarka tana kan abin da abokin maganarka ya gaskata ka a kai. In a rantsuwa ma fahimtar mai haƙƙi ake dubawa, ba abin da mai rantsuwa ya ƙudurce ba, ta ina ma'aikacin da aka ba amanar sito zai fake da nahawu a gaban mai dukiya? Mai kamfani rahoton amana yake karantawa, kuma sanin wanda ya yi sakaci shi ne abin da hukunci ya rataya a kai: ma'aikaci amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mantuwa tana ɗauke zunubi, ba ta ɗauke ramuwar dukiyar mutane. Da ka cire sunanka daga jimlar, ka bar gurbi, aka cike shi da wanda ya fi kowa rauni a kamfanin.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne imel na biyu ga wanda ka aika wa na farko, da duk wanda ka sa a kwafi a lokacin. Jimla huɗu sun isa: "An umarce ni in shigar da shanshera sito ranar da aka sauke ta, na manta. Buhu 40 ne suka jiƙe, ni na ƙirga. Mai gadi ba shi da hannu a ciki, ina roƙon a mayar masa da abin da aka yanke. An shanya kayan, zan kawo adadin da ya lalace." Ka ga "an" tana nan har sau biyu a farkon jimla, babu laifi, domin ba ta ɓoye komai. In a gaskiya rufa tamfol yana cikin aikin mai gadin, kada ka rubuta jimla ta uku haka. Ka faɗi naka kawai, ɗaukar laifin da ba naka ba shi ma ba gaskiya ba ne. In kamfani ya ƙi mayar masa, ka biya shi daga aljihunka ko kaɗan-kaɗan ne, ka nemi afuwarsa baki da baki, ba ta waya ba.

Na san tsoron kora kake ji, ga iyali. Ba zan yi maka alkawarin za a bar ka ba. Ka'abu ɗan Malik, da bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira, gwanin magana ne da zai iya tsara uzuri, amma ya ce ba shi da uzuri, aka ƙaurace masa kwana hamsin kafin tubarsa ta sauka a Suratut Tauba. Ya halatta ka fara samun manaja ku yi magana kafin ka aika, ka kuma roƙi a yafe maka ramuwar ko a raba maka ita wata-wata. Amma kada ka bari albashi na gaba ya fito ba ka aika ba. Allah ne mafi sani.