Giranit ɗin da ke can ƙasa a zane, shi ne ya fi tsufa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Maradi. An ba mu zanen yankan ƙasa: shimfiɗu A, B, C sun lanƙwashe, karaya F ta ratsa su, D da E suna kwance daidai a samansu, giranit G yana can ƙasa. Na rubuta cewa G ya fi tsufa tun da shi ne a ƙasa, aka ce ban yi daidai ba. Ina kuskurena?

Amsa: Ɗiyata, ƙa'idar da kika dogara da ita gaskiya ce, sai dai kin kai ta inda ba ta da iko. Nicolas Steno ya bayyana ta a 1669: shimfiɗar da ke ƙasa ta riga ta sama kwanciya. Amma wannan magana ta shafi duwatsun da ruwa ko iska suka jibge ne, wato yashi da laka da tsakuwa, muddin ba a kifar da su ba. Giranit kuwa narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa, yana iya kutsowa daga ƙasa ya shiga duwatsun da suka girme shi nesa ba kusa ba.

Saboda haka ki sa ido a kan layin da G ya haɗu da A. Idan G ya yanke shimfiɗun, ko ya tura ƴan yatsu cikinsu, ko aka zana ɗigo-ɗigo a gefensa don nuna cewa zafi ya gasa A kamar yadda wuta ke gasa tukunyar yumɓu, to G ya zo bayan A, domin abin da ya yanka ya zo bayan abin da aka yanka. Idan kuma layin mai gargada ne, ba alamar gasawa, kuma akwai tsakuwar giranit a gindin A, to G ne babba, tun da ba a samun ɓarɓashin dutse sai dutsen ya wanzu har ya zaizaye. Irin wannan na biyu shi ne abin da ke ƙasarmu: a kudancin Maradi, wajen Dan Issa kusa da iyakar Nijeriya, tsohon giranit yana fitowa fili, kuma duwatsun yashi na kwarin Iullemmeden sun kwanta a kansa daga baya. Ina kyautata zaton zanenku na farkon ne, shi ya sa aka soke amsarki.

Yanzu ki koma sama, ki nemi layin da ke gindin D, wanda a ganina shi ne mabuɗin zanen duka, kuma da shi nake fara karanta kowane zane. Ƙarƙashinsa shimfiɗu sun lanƙwashe, samansa suna kwance, kuma ya fille kawunan lanƙwasar. Ma'anarsa ita ce bayan A, B, C sun kwanta, ƙasa ta matsa su sun lanƙwashe, sun ɗago, ruwa da iska sun cinye samansu, kafin D ta zo ta rufe. Wannan siririn layi yana iya ɓoye shekaru miliyoyi waɗanda ba su bar dutse ko ɗaya a wurin ba.

Sai ki bi F da bakin fensir tun daga ƙasa. A ce B ta sauka da mita 20 a hannun dama na karayar, C ma haka, amma da kika iso gindin D sai layin ya tsaya cak, D ba ta goce ko kaɗan ba. To F ta zo bayan C, kafin D. Idan F miƙaƙƙiya ce tana yanka lanƙwasar, ta biyo bayan lanƙwasar; da ta riga ta, da ita ma ta lanƙwashe. Haka kuma za ki gwada ta da G: idan ta gocar da gefen giranit, G ya riga ta, idan kuwa ta ɓace a bakinsa, G ne ya zo ya haɗiye ta. In wannan na ƙarshe kika gani, kuma D ta fille kan G, jerin zai zama A, B, C, lanƙwasa, F, G, zaizaya, D, E.

Akwai tarko guda a cikin lanƙwasa: idan matsin ya yi tsanani, ɓangare ɗaya yana iya kifewa har tsohuwar shimfiɗa ta hau kan sabuwa. Ana gane shi da girman ƙwayoyi. Ki zuba yashin Gulbi a kwalbar ruwa ki girgiza, za ki ga manyan ƙwayoyi sun fara sauka, laka ta biyo a sama. Shimfiɗar da ta nuna akasin haka, mai yiwuwa a kife take, sai a nemi wata shaida kafin a yanke hukunci.

Ki kuma lura cewa wannan jeri bai ba ki shekarun ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan babu wurin da G ya taɓa F ko D a zanen, ki rubuta cewa G ya zo bayan shimfiɗar da ya yanka, ki tsaya nan.