Amsa ga ɗan ƙanena kan hidimar dangi da ajiya

"Baffa, albashina naira 180,000 ne, amma ba na kai tsakiyar wata da ko sisi, domin kowa a gida ni yake kira. Ina son in fara ajiya, ina kuma tsoron a ce na yi kuɗi na yanke zumunta. Yaya al'adarmu ta ce in yi?"

Ɗana, ka fara da rarrabe abin da yake wajibi a kanka da abin da yake kyautatawa, domin haɗa su wuri ɗaya shi ne ya sa kowace waya da ta shigo take yi maka nauyin farilla. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan Sakkwato, kamar yadda muka karanta a Risala tun muna zaure, ciyarwar da ta zama dole a kan namiji ita ce ta matarsa, da 'ya'yansa ƙanana, da iyayensa biyu idan matalauta ne. Yayye da ƙanne da gwaggo da kawu suna da hakkin zumunci, hakki ne babba wanda ba a wasa da shi, amma shari'a ba ta yanka masa adadi ba, ta bar shi ga ikon mutum. Ita ma al'ada ba ta taɓa cewa mutum ya buɗe rumbunsa duka ba. Iyayenmu sun san damman da za a ci, da na iri, da na kyauta, kuma babu wanda ya zargi manomi da rowa don ya hana a taɓa irin shuka. Ajiya kuwa tana da asali a addini, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara.

Ga yadda zan raba wannan albashi da a hannuna yake, kai kuma ka gyara bisa ga abin da ka sani na gidanka. Naira 110,000 ta tafi ga cefane da kason haya da kuɗin makaranta da man babur. Naira 25,000 ta mahaifiyarka ce, tunda mahaifinka ya rasu, kuma ita ba ta cikin layin masu roƙo. Naira 25,000 ajiya ce, wadda za ta bar hannunka a ranar da albashi ya shigo, domin abin da aka ce za a ajiye idan ya yi saura ba ya yin saura. Ragowar naira 20,000 ita ce kason zumunci. A cikinta ka riƙa kashe 12,000 a kan ƙananan buƙatu na wata, kamar kuɗin magani ko gudummawar suna, ka tara 8,000 a gefe, wadda a shekara za ta kai 96,000. Wannan ita ce za ta tsaya maka ranar da aka kwantar da wani a asibiti da dare, ba tare da ka fasa ajiyarka ba.

Game da ajiyar kanta, kuɗin da ke zaune a asusun da kake gani a wayarka ba su da tsaro daga tausayinka, kuma tun da aka cire tallafin mai a shekarar 2023 kowa ya ga yadda tsadar kaya take cinye darajar naira. Ka shiga adashen mutum goma, har da kai, da waɗanda ka san amanarsu, kowa yana zuba 25,000, ka roƙi kwasarka ta naira 250,000 ta faɗo a lokacin kaka. Da ita ka sayi geron da gidanka da na mahaifiyarka za su ci, sauran ka sayi tunkiya a Kara ko a kasuwar Achida ka ba wanda zai kiwata. Ka sayi hatsin don ci, kada ka ɗauke shi kasuwanci, domin akwai shekarar da farashi ke faɗuwa bayan an tara. Amfanin wannan tsari shi ne idan ka ce ba ka da kuɗi a hannu gaskiya ka faɗa, kuma idan damina ta yi tsakiya gidaje suka shiga ƙunci, kwano biyar na gero da ka aika wa gwaggonka ya fi mata kuɗin da za ka tura.

Abin da ya fi wuya shi ne bakin da za ka yi magana da shi, kuma a nan ne na ga zumunci ya fi lalacewa. A ce ɗan kawunka ya zo yana neman rancen naira 100,000 don kayan lefe. Yawancin samari kunya takan sa su ce a bari sai an yi albashi, alhali sun san ba za su iya ba. Shi kuma ya tafi ya gina lissafinsa a kan wannan magana, ya faɗa wa surukai rana, sannan ka fara ƙin ɗaukar wayarsa. Da ka hana shi tun ranar farko da zai ji zafi na kwana biyu, amma alkawarin da aka saɓa yakan kai shekaru ana tuna shi. Abin da ya dace shi ne ka zaunar da shi, ka saurare shi har ya gama, ka ce masa: "Wallahi dubu ɗari ta fi ƙarfina, amma ga dubu goma sha biyar gudummawata ce, ba bashi ba ce, Allah ya sa albarka." Ka ba shi a ranar, daga abin da ka tara na zumunci. Alƙur'ani ya koyar da haka a Suratul Isra'i, inda aka yi umurni da ba ɗan'uwa hakkinsa, aka ce idan babu abin bayarwa a faɗa musu magana mai sauƙi, sannan aka hana ƙuƙunce hannu aka kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya.

Ni ina ganin kyauta kaɗan ta fi rance mai yawa tsakanin dangi, domin rance yakan sa wanda ya karɓa ya daina zuwa gidanka saboda kunya, kai kuma ba za ka iya kai ɗan kawunka gaban alƙali ba. Idan ya zama dole ka ba da rance, a rubuta shi da ranar biya kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta yi umurni, kuma kada ya wuce abin da za ka iya yafewa.

Kada ka aiwatar da wannan tsari a ɓoye daga mahaifiyarka. Ka je ka same ta ita kaɗai, ka nuna mata cewa kana tara abin da zai kai ka ga sayen fili, ka nemi albarkarta, domin yawancin buƙatun dangi ta bakinta suke biyowa, kuma idan ta fahimta ita ce za ta riƙa cewa yaron nan yana da nauyi a kansa. Ka kuma zauna da 'yan'uwanka da ke samun wani abu ku raba hidimarta, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ko da na wani kwano biyu ne na shinkafa. Adadin albashinka kuwa ba sai kowa ya sani ba.

Za a yi gunaguni a watannin farko, wannan babu makawa, kuma maganinsa shi ne ka ƙara yawan zuwa daidai lokacin da ka rage yawan bayarwa. Zumunta a ƙafa take, don haka kada a rasa ka wurin gaisuwar mutuwa, da dubiyar marar lafiya, da ɗaurin aure, da yawon Sallah. Idan ka ga ka fara cin bashi don ka ba wani, ko cefanen gidanka ya ragu saboda buƙatar da ba ta rai da lafiya ba, to ka ƙetare iyaka, sai ka koma kan lissafinka. Idan kuwa rashin lafiya ce mai tsanani wadda ta fi ƙarfin abin da ka tara na zumunci, ka kira ni mu tara dangi a yi karo-karo, kowa ya kawo nasa, kafin ka sayar da tunkiyarka.