Mac ɗina ya ƙi buɗe manhaja: in biya a cire shingen ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shagon hoto a Tawa. Na sayi MacBook na hannu a Yamai, da wata ƴar na'urar buga kati. Na sauke manhajar na'urar daga shafin kamfanin, amma in na danna ta sai Mac ya ce Apple bai iya tabbatar da ita ba, ya ba ni zaɓin jefa ta a shara. Wani mai gyara ya ce in ba shi jaka biyar ya cire shingen gaba ɗaya, kuma ya sa mini Photoshop kyauta. In biya shi, ko akwai wata hanya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka. Manhajar na'urarka za ka iya buɗe ta da kanka cikin ƴan mintoci, ba tare da ka biya ko dala ba, muddin ta ci binciken da zan nuna maka. Shi kuwa tayin mai gyaran, ɓangarorinsa biyu duka ban yarda da su ba, kuma na biyun ya fi tayar mini da hankali.

Abin da ya tare ka sunansa Gatekeeper, yana cikin Mac tun 2012. Duk fayil ɗin da ka sauke da Safari ko Chrome, ko ya zo maka ta wasiƙa ko AirDrop, Mac yana manna masa wata ɓoyayyiyar alama da ke cewa daga waje ya shigo. Ranar da ka fara buɗe manhaja mai wannan alama, sai ya duba abu biyu. Na farko, ko wanda ya ƙera ta ya sa mata hannu da takardar shaidar da Apple ke bayarwa, wadda sai ka yi rajista kana biyan dalar Amurka 99 a shekara kake samu. Na biyu, wanda ya zo da macOS Catalina a 2019, ko an tura manhajar ga Apple injinansa sun bincike ta ba su ga muguwar manhajar da suka sani ba. In ɗaya ya rasa, sai a tare ta. Ka ga ke nan saƙon bai ce manhajarka mugunta ce ba, cewa ya yi Apple ba zai tsaya mata ba. Ƙananan kamfanoni masu ƙera na'urorin buga kati da rasit, waɗanda yawancin masu sayensu Windows suke amfani da shi, sau da yawa ba sa wahalar da kansu da wannan rajista. Amma ɓarawo ma ba ya son a bincike shi, kuma saƙo iri ɗaya Mac ke nunawa a kan su biyun. Rarrabewar ta koma hannunka.

Fara da karanta saƙon da kyau, domin ba duka ne ɗaya ba. Ina zaton Mac ɗinka da Faransanci yake, kamar yawancin waɗanda ke hannun mutane a nan. In ka ga « développeur non identifié », ko cewa Apple bai iya tabbatarwa ba, wannan shi ne wanda ake iya wucewa bayan bincike. In kuwa ka ga « endommagera votre ordinateur », wato za ta lalata maka kwamfuta, to Apple ya gane ta ko ya soke shaidar mai ita. Wannan babu shawara a kanta, danna « Placer dans la corbeille » ka kwashe sharar. Akwai na uku, « est endommagé », wanda ke nufin ko dai saukewar ta yanke a hanya, abin da ba baƙo ba ne ga mai sauke babban fayil da intanet ɗin waya, ko kuma an taɓa cikin manhajar bayan an sa mata hannu. Maganinsa shi ne a goge a sake saukewa daga tushe.

Sai tushen kansa, kuma nan ne nake so ka daɗe. Ka ce daga shafin kamfanin ka sauke. Ta yaya ka isa shafin? In sunan na'urar ka rubuta a Google ka danna abin da ya fara fitowa, koma ka duba, saboda na saman sau da yawa talla ne da aka biya, kuma ɓarayi suna sayen wannan gurbin su kafa shafi mai kama da na gaskiya sak. Ɗauko kwalin na'urar ko ƴar takardar da ke ciki, ka gwada adireshin da aka buga a kai da wanda ka shiga, harafi da harafi. In sun bambanta ko da da harafi ɗaya ne, goge abin da ka sauke, ka rubuta adireshin kwalin da hannunka.

In adireshin ya yi daidai, ja manhajar zuwa Applications, ka buɗe Terminal, manhajar Mac da ake rubuta umarni a cikinta. Kada baƙin rubutun ya firgita ka, wannan umarnin tambaya kawai yake yi, ba ya canza komai. A ce sunan manhajar Kati, kai sai ka sa ainihin sunan taka:

```
spctl -a -vv /Applications/Kati.app
```

Tunda an riga an tare ta, amsar za ta zo da `rejected`. Layin da ke ƙasa shi ne mai amfani. In ya ce `source=Unnotarized Developer ID`, ya kuma kawo layin `origin=` da sunan kamfanin da ke jikin kwalinka, hankali ya kwanta sosai: kamfanin ya yi rajista, ya sa hannu, binciken Apple ne kawai bai nema ba. In sunan da ya fito ba shi da alaƙa da kamfanin, tsaya nan. In kuwa ya ce `no usable signature`, babu wanda ya sa hannu ke nan, kuma amanarka kacokan ta rataya ne a kan adireshin da ka duba. Ni a irin wannan hali nakan yarda ne kawai in na'urar tana gabana, adireshin na jikin kwalinta, kuma babu wata manhajar da za ta yi aikin.

To, ga yadda ake buɗewa. Tsohuwar dabarar da za ka gani a bidiyoyi, a danne Control a danna manhajar a zaɓi « Ouvrir », ta daina aiki tun macOS Sequoia na 2024, kuma yadda ka kwatanta saƙonka ya yi kama da na Sequoia ko wanda ya biyo shi. Yanzu sai ka danna manhajar sau biyu, saƙon ya fito, ka rufe shi ba tare da ka jefa ta a shara ba. Sannan ka shiga « Réglages Système », ka zaɓi « Confidentialité et sécurité », ka gangara ƙasa zuwa « Sécurité ». Za ka tarar da sunan manhajar da maɓallin « Ouvrir quand même » a gefensa. Danna shi, ka sa kalmar sirrin Mac ɗinka ko yatsanka, ka tabbatar. Maɓallin kusan awa ɗaya yake yi bayan yunƙurin buɗewa sannan ya ɓace, don haka in ba ka gan shi ba, sake danna manhajar ka dawo. Daga ranar za ta riƙa buɗewa kamar kowace, kuma izinin nata ne ita kaɗai.

Abin da mai gyaran zai yi da jaka biyar ɗinka layi ɗaya ne, `sudo spctl --master-disable`, wanda ke dawo da zaɓin « N'importe où » da Apple ya ɓoye tun macOS Sierra a 2016. Da zarar an zaɓe shi, abin da aka sauke zai buɗe ba tare da an duba waɗancan abu biyun ba. Kamar ka ciro ƙyauren shago ne don baƙo ɗaya ya shiga. Ka tuna kwamfutar shago ce, yaranka za su taɓa ta, abokan ciniki za su turo fayiloli. Kuma tunda na hannu ka saya, mai yiwuwa wani ya riga ya yi mata haka a baya ko zai yi nan gaba, don haka ka san wannan:

```
spctl --status
```

`assessments enabled` shi ne lafiya. In ka ga `assessments disabled`, koma « Confidentialité et sécurité » ka mai da zaɓin kan wanda ya haɗa App Store da masu ƙira da aka sani.

Photoshop ɗin kyauta shi ne ainihin dalilin da ya sa yake son cire shingen. Adobe haya yake ba da manhajarsa, wata-wata ko shekara-shekara, kuma ta gaskiyar tana da sa hannu, Mac ba ya tare ta. Wadda za a sa maka an fasa ta ne, kuma shi kansa mai gyaran bai san me aka cusa ciki ba, domin shi ma saukowa ya yi. Ba na zarginsa da mugun nufi, galibi abin da ya iya ke nan. Amma tun 2023 akwai muguwar manhaja da ake kira Atomic Stealer, wadda fasassun manhajoji suna cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta. Kana buɗewa sai ta fito da ɗan akwati mai kama da na Mac tana neman kalmar sirrinka, in ka sa, ta kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a Mac da na Chrome, da wasu takardunka, ta aika waje. Kai da katunan mutane da hotunansu ke cikin kwamfutarka, asarar ba taka kaɗai ba ce. Alamarta da ta fi fitowa fili ita ce manhaja ta zo da hoton da ke koya maka yadda za ka tsallake gargaɗin Mac, ko ta ce ka kwafi wani layi ka manna a Terminal. Layin da aka fi bayarwa yana farawa da `xattr`, aikinsa goge waccan ɓoyayyiyar alamar, yadda Gatekeeper ba zai ma duba ba.

Wannan alamar tana da wata iyaka da ya kamata mai shago ya sani. Fayil ɗin da aka kwafo daga kwamfutar Windows a filashi ba ya zuwa da ita, saboda haka manhaja na iya buɗewa shiru ba gargaɗi ko ɗaya. Shirun ba wanke ta ya yi ba, ba a tambaye ta ba ne kawai. Manhajar da aka miƙo maka a filashi, yi mata waccan tambayar ta `spctl` kafin ka danna.

Game da gyaran hoto, GIMP kyauta ce daga shafinta gimp.org, kuma ta isa yanka hoton kati, gyara haske da sauya bango. Sai ka ɗan yi haƙuri da ita a makon farko in hannunka ya saba da Photoshop. In aikin ya fi ƙarfinta, duba Pixelmator Pro, wadda yanzu mallakar Apple ce, ko ka biya hayar Adobe ka sa kuɗin cikin farashin aiki. Manhajar na'urar kuwa, in bayan ka ba ta izini ta buɗe amma ta ƙi ganin na'urar, wannan ba Gatekeeper ba ne kuma. Shiga alamar tuffa, « À propos de ce Mac », ka ga ko injin cikinsa na Intel ne ko na Apple jerin M, da lambar macOS ɗinka, sannan ka nemi sigar da ta dace da su a shafin kamfanin.