Kuɗi na nan a asusu, kati ya ƙi

Tambaya: "Salamu alaikum jama'a, a taimaka. Akwai dubu 500 a asusuna, ina son biyan dubu 100 a intanet, kati ya ƙi. Sau huɗu ke nan ina gwadawa."

Amsa ta murya:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. To, da farko dai dakata haka nan, kada ka yi na biyar, zan gaya maka dalili a gaba. Ka ga, yawan kuɗin da ke asusu abu ɗaya ne kawai cikin abubuwan da banki ke dubawa. Abin da nake so ka tuna shi ne, a daidai ina abin ya tsaya? Nan amsar take.

In ka sa lambar kati, ka danna, nan take ya ƙi, ko shafin da ke neman OTP, wato lambar sirrin da banki ke turo maka ta saƙon waya, bai buɗe ba, to galibi ba a buɗe wa katin sayayya ta intanet ba. Bankuna da yawa suna ba da sabon kati da wannan a kulle. Shiga manhajar bankinka, wajen saitin kati, ka duba ko Online a kunne yake. Ka duba International ma, don wani shafin za ka ɗauka na gida ne alhali a waje yake karɓar kuɗinsa. Wannan minti biyu ya ishe ka.

In kuma ya kai ka wajen OTP, to a nan mutane ke yi wa kansu. Saƙo ya yi jinkiri, sai ka danna Resend, sai ka ƙara dannawa. Can sai saƙon farko ya shigo, ka kwafe shi da sauri ka sa. To ai wannan ya mutu tun lokacin da ka nemi sabo. Ka nema sau ɗaya, ka jira, in sun shigo da yawa ka ɗauki na ƙarshe, kuma kada ka bar shi ya daɗe, 'yan mintuna ne rayuwarsa. In ba ya zuwa gaba ɗaya, ka tambayi kanka wane layi ka ba banki, ko wanda ka daina amfani da shi ne.

Yauwa, sai wanda ya fi ba mutane haushi: ka sa OTP daidai, shafi ya yi ta juyawa, sannan ya ce Declined. A nan ka yi lissafin abin da ka kashe yau. A ce iyakar katinka a rana dubu 200 ce, da safe ka riga ka biya dubu 120 da shi. Saura dubu 80 ke nan. Dubu 100 ba za ta wuce ba ko da miliyan goma ce kwance a asusun, don iyakar ba ruwanta da abin da ka mallaka, abin da ya fita a ranar take ƙirgawa. Ko dai ka ɗaga ta a manhaja in bankinka ya yarda, ko ka jira rana ta juya.

In ba iyaka ba ce, to na'urar tsaron banki ce ta yi zarginka. Ba mutum ba ne zaune yana dubawa. Kati ne da bai saba biyan kuɗi mai yawa ba, yau ga shi a shafin da bai taɓa zuwa ba, ana ta maimaita adadi ɗaya sau huɗu cikin ɗan lokaci. Wallahi haka ɓarawon da ya tsinci kati yake yi. Shi ya sa na ce ka dakata, don kowane gwaji ƙara mata zargi yake, har ta rufe katin gaba ɗaya. Ni ma ya taɓa samuna, da gaggawata na ja aka kulle nawa, sai washegari aka buɗe.

Ka kira lambar da ke bayan katinka, ka faɗi lokaci, adadin kuɗi da sunan shafin. Ka ce su duba ko buƙatar ta iso gare su, kuma wace lamba suka mayar. 51 rashin kuɗi ne, 61 wuce iyaka, 57 ba a yarda wa katin irin wannan ciniki ba, 05 kuwa Do not honor, wato banki ya ƙi bai faɗi dalili ba, sai ka ce su cire maka shingen. In suka ce ba su ga komai ba, to matsalar tana wajen mai shafin, su za ka yi wa magana.

Af, kuma in wani ya biyo ka ta bayan fage daga wannan zauren ya ce zai gyara maka, ka turo OTP ko lambobi ukun bayan kati, kada ka ba shi. Ma'aikacin banki ma ba ya tambayar su. Ka duba saitin nan tukuna, ka gaya mana a ina ya tsaya.