GeoGebra ta ba ni sifili, alhali ga fili ina gani tsakanin layukan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina zaune a Mabera cikin Sakkwato. An ce mu nemo girman filin da ke tsakanin y = 2x da y = x² daga x = 0 zuwa x = 3. Na sa a GeoGebra a wayata ta ba ni 0, kalkuletar ƙawata ma 0. Amma ga filin nan ina ganinsa a giraf. Manhajar ce ta lalace, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wayarki lafiyarta ƙalau, kalkuletar ma haka, kuma kada ki goge manhajar ki ɓata data wajen sake sauke ta. Girman filin da kike nema 8/3 ne, wato kusan 2.67. Sifilin da kika gani amsar wata tambaya ce daban, tambayar da kika yi wa na'urar ba tare da kin lura ba.

Mu soma da abin da intigiral mai iyaka yake yi. Idan aka ce a nemo fili a ƙarƙashin lanƙwasasshen layi daga a zuwa b, yanka filin ake yi tsaye-tsaye zuwa siraran yankuna, a ninka tsayin kowane yanki da faɗinsa, sannan a tara. Duk yadda yankunan suka ƙara sirancewa, jimillar tana ƙara kusantar adadi guda, kuma wannan adadin shi ne intigiral. Bernhard Riemann ne ya tsara wannan ma'ana a rubuce a 1854. Idan layuka biyu ne, tsayin kowane yanki shi ne tazarar da ke tsakaninsu a wannan wuri: na sama a cire na ƙasa. Matsalarki tana cikin kalmar "na sama". Na'ura ba ta duba wane ne a sama. Wanda kika fara rubutawa take ɗauka ta cire na biyu, tun daga farko har ƙarshe, ko da sun sauya matsayi a tsakiyar hanya.

Layukanki kuwa sun sauya matsayi. Ki gwada da hannu. A x = 1, layin 2x yana kan 2, x² yana kan 1, don haka 2x ne a sama. A x = 3 kuwa, 2x yana kan 6, x² ya haura zuwa 9. Ke nan a wani wuri tsakanin 1 da 3 sun gitta juna. Don gano wurin, sai a daidaita su: x² = 2x, wanda ya zama x(x − 2) = 0. Suna haɗuwa a x = 0 da x = 2. Daga 0 zuwa 2 miƙaƙƙen layin ne a sama, daga 2 zuwa 3 lanƙwasasshen ne.

Ina so ki ga abin da idonki kafin mu je ga ƙa'ida. Ki yanka tazarar 0 zuwa 3 gida shida, kowane gida faɗinsa 0.5, ki lissafa 2x − x² a tsakiyar kowanne. Huɗun farko za su ba ki 0.4375, 0.9375, 0.9375 da 0.4375. Biyun ƙarshe kuwa za su fito da alamar ɗebewa: −0.5625 da −2.0625. Idan kin tara huɗun farko kika ninka da 0.5, kin sami 1.375. Biyun ƙarshe su ba ki −1.3125. Haɗa su yadda na'ura take yi, abin da ya rage 0.0625 ne kawai, kuma da za ki ƙara yawan yankunan, ragowar za ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma sifili. Ɓangaren dama ne ya cinye na hagu. Idan kuma kika jefar da alamar ɗebewar kika tara girmansu, kin sami 2.6875, wanda ya yi kusa ƙwarai da amsar gaskiya.

Yanzu ga lissafin da za ki rubuta a takardar jarrabawa. Intigiral ɗin 2x − x² shi ne F(x) = x² − x³/3. A 0 yana ba da 0. A 2 yana ba da 4 − 8/3, wato 4/3. A 3 yana ba da 9 − 9, wato 0, kuma daga nan sifilinki ya fito. Ɓangaren farko F(2) − F(0) = 4/3. Ɓangare na biyu F(3) − F(2) = −4/3, amma tunda a can x² ne a sama, sai a juya a rubuta x² − 2x, ya fito 4/3 ba alamar ɗebewa. Jimilla 4/3 + 4/3 = 8/3. Ina kyautata zaton wanda ya shirya tambayar da gangan ya zaɓi 3 a matsayin iyaka, don ɓangarorin biyu su yi daidai su soke juna, ya ga wa zai tsaya ya zana giraf. A ganina tambaya ce mai kyau.

A GeoGebra ga yadda za ki yi, layi bayan layi:

```
f(x) = 2x
g(x) = x^2
Intersect(f, g)
IntegralBetween(f, g, 0, 2)
IntegralBetween(g, f, 2, 3)
```

Layi na uku zai nuna miki (0, 0) da (2, 4). Lambar farko a kowanne ita ce iyakar da kike buƙata, ba ta biyun ba. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki 4 su sa a matsayin iyaka, su rasa inda kuskure ya shigo. Layi na huɗu da na biyar kowanne zai ba ki 1.33 tare da shafa wa ɓangarensa launi. Ki lura da yadda f da g suka musanya wuri a layin ƙarshe. Idan manhajar ta taƙaita amsa zuwa lambobi biyu bayan ɗigo, kada ki tara 1.33 da 1.33 da hannu ki rubuta 2.66. Ki bar ta ta tara, ko ki yi aiki da 4/3.

Akwai gajeriyar hanya kuma:

```
Integral(abs(f(x) - g(x)), 0, 3)
```

Wannan abs ɗin yana cire alamar ɗebewa daga tsayin kowane yanki kafin a tara, sai 2.67 ya fito kai tsaye. Wajibi ne ya kasance a ciki, yana kewaye da f(x) − g(x). Idan kika sa shi a waje, ya kewaye dukan intigiral ɗin, sifilin nan dai zai sake ba ki, domin an riga an gama sokewar kafin ya iso. A kalkuleta irin Casio fx-991ES Plus, wadda ɗalibai da yawa suke riƙe da ita, Abs yana kan SHIFT da hyp, harafin X kuma yana kan ALPHA da maɓallin rufe baka. Za ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa, don ita da tara yankuna take kusantar amsa, kuma kusurwar da abs ya haifar a x = 2 tana ƙara mata aiki. Raba lissafin gida biyu ya fi mata sauƙi. Ni dai shawarata, ki riƙe abs don duba amsa kawai. Mai duba takarda yana son ganin wurin haɗuwa da rabuwar ɓangarori, kuma a nan fahimtar take.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ba sifili zai fito ba. Sifili yana da kirki, don yana tayar da hankali mutum ya koma ya duba, kamar yadda kika yi. A ce iyakar sama 2.5 ce maimakon 3. IntegralBetween(f, g, 0, 2.5) zai ba ki 1.04, adadi mai kama da gaskiya, babu alamar ɗebewa, babu abin da zai sa ki yi shakka. Amma ainihin filin 1.625 ne. Yadda za ki kama irin wannan shi ne ki yi awon ido. Ɓangaren farko kaɗai, daga 0 zuwa 2, ya riga ya kai 1.33, kuma fili ba ya raguwa don an ƙara masa wani yanki. Duk lokacin da kika tura iyaka gaba kika ga amsa tana sauka, layukan sun gitta juna a wani wuri. A allon waya ƙarami ma gicciyar tana iya ɓuya idan an matse giraf ɗin, shi ya sa na fi amincewa da Intersect fiye da kallo.

Awon ido yana tabbatar da 4/3 ɗin ma. Tazara mafi girma a ɓangaren farko 1 ce, a x = 1, faɗin kuma 2, don haka filin ba zai kai 2 ba. Alwatikar da za a zana a cikinsa, daga wuraren haɗuwa biyu zuwa wurin da tazarar ta fi girma, girmanta 1 ne, filin kuma ya fi ta. Archimedes ya nuna tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa irin wannan yanki girmansa 4/3 ne na wannan alwatikar, ba tare da alamar intigiral ba, wadda Leibniz bai ƙirƙiro ta ba sai a 1675.

Kada kuma ki ɗauka sokewar nan aibi ce da ya kamata masu manhaja su gyara. Akwai wuraren da ita ake nema. Ɗauki gida mai sola da batir a nan Sakkwato. Layi ɗaya ƙarfin wutar da faranti ke bayarwa ne a kowace sa'a, ɗayan kuma abin da fanka da firji ke ja. Da rana tsaka layin sola yana sama, filin da ke tsakaninsu kuwa wutar da ke shiga batir ce. Bayan la'asar sakaliya sai su gitta juna, filin ya koma wutar da ke fita. Tsayi a nan wat ne, faɗi kuma sa'a, shi ya sa ake auna filin da Wh. Mai son sanin ko batir ya ƙaru ko ya ragu a yini guda, intigiral mai alama yake buƙata, kuma sifili a wurinsa yana nufin abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fita, idan an ajiye ɗan abin da batir ke asara wajen caji. Mai son sanin girman batir da zai saya kuwa, ɓangaren dare kaɗai zai auna.

Saboda haka ki karanta lafazin tambaya. Idan an ce a lissafa intigiral na 2x − x² daga 0 zuwa 3, amsa 0 ce, ki rubuta ta ba fargaba. Idan an ce girman fili, amsa 8/3 ce. Idan kuma an ce filin da layukan biyu suka kewaye, ba a ambaci iyaka ba, wuraren haɗuwar su ne iyakokin, 0 da 2, amsa kuma 4/3.