Ka auna daga abin da bai motsa ba

"Takardar gidan kakanmu ta ce lungun yana kusa da Ƙofar Rini, amma yanzu ba wanda ya san sunan. Yaya zan gano wurin?"

Ɗan'uwa, bar bin suna, suna canzawa yake. Ka nemi tsohuwar taswirar Sakkwato a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. In ba a dace ba, fayilolin lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna.

In ta samu, zaɓi wurare biyu da ba su gusa ba, kamar Hubbaren Shehu da Masallacin Bello. Kada ka dogara da bakin titi, an sha faɗaɗa shi ya cinye gidaje.

A ce ma'aunin taswirar 1:2,500 ne, wato santimita 1 na nufin mita 25. Bakin lungun ya kai santimita 24 daga Hubbare: mita 600 ke nan. Daga masallaci 20: mita 500. Sai ka buɗe Google Earth Pro ka zana da'ira biyu da waɗannan nisa. Za su haɗu a wuri biyu, ka ɗauki wanda ke ɓangaren ƙofar.

Inda ni na taɓa yin kuskure shi ne hoton taswirar aka ba ni, an rage girmanta, lissafin ya kauce sosai. Don haka fara auna tsakanin Hubbare da masallacin a taswirar, ka gwada da nisansu na yau. In sun saɓa, bi sandar awo da ke ƙasan taswirar, ka kuma duba ko ƙafa ce ko mita.

Daga nan ka je wajen mai unguwa da sunayen maƙwabtan da ke cikin takardar.