Inuwar Tsakar Rana a Ƙarƙashin Ido da Hanci

"Maigida, jiya da tsakar rana na ɗauki wani mutum hoto a fili. Goshinsa sai ƙyalli yake, amma idanunsa sun faɗa rami, ƙarƙashin hancinsa kuma baƙi ƙirin kamar gashin baki. Na ƙara haske a kyamara, sai goshin ya ƙone. Ina na kuskure?"

Yarona, ba a saitin kyamara ka kuskure ba, shi ya sa duk murɗe-murɗen da ka yi bai kai ka ko'ina ba. Rana in ta zo tsaka daga sama take dukan mutum. Ƙashin gira ya zama rumfa a kan ido, hanci ya zama rumfa a kan leɓe, haɓa kuma a kan wuya. Kyamara kuwa in ta ƙara haske, ko'ina take ƙara wa, in ta rage ma haka. Tazarar da ke tsakanin goshi da kwarmin ido tana nan daram. Ita wannan tazarar za ka rage, kuma a kan fuskar mutumin ake rage ta tun kafin ka danna.

Gobe ka gwada da kanka. Sa ISO 100, shata 1/200, ka juya awon haske zuwa Spot, wato awon ɗan ƙaramin wuri guda kawai. Auna goshi, za ka samu buɗin idon kyamara wajen f/11. Auna kwarmin ido, kana iya ganin f/4. Daga f/11 zuwa f/8, zuwa f/5.6, zuwa f/4, mataki uku ke nan, kuma kowane mataki ninki biyu ne na haske. Wato goshi ya ninka ido haske sau takwas. Idonka yana iya ganin duka biyun a lokaci guda, shi ya sa ba ka lura ba sai da hoton ya fito. Abin da nake nema a fuska shi ne tazarar mataki ɗaya, ko ɗaya da rabi. Ba na son inuwar ta ɓace gaba ɗaya, don ita ke nuna cewa hanci hanci ne.

In akwai inuwar gini kusa, aiki ya ƙare: tsayar da shi a bakin inuwar, yana kallon fili, hasken ya shigo masa ta gaba. Ka dai guji bishiya mai ganye tsilla-tsilla, don dabbare-dabbare za ta yi masa a fuska. Amma bari mu ɗauka filin ne fetal kamar na jiyan.

Ka san faifan nan mai naɗewa da ke cikin jakata, wanda ake zuge wa riga? In ka cire rigar, abin da ya rage a ciki farin yadi ne shara-shara, shi ne difuza. Ka ba wani ya riƙe shi a saman kan mutumin, kamar kamu ɗaya ko biyu daga kansa, daidai inda zai fita daga hoto. Yara da yawa suna ɗaga shi can sama suna zaton haka ya fi. A'a. Iya kusancinsa da fuska, iya laushin inuwar, domin yanzu yadin ne ya zama ranar, kuma haske mai faɗi a kusa shi ke narkar da bakin inuwa. Kada a shimfiɗa shi sambal kamar rufin ɗaki, a jawo shi gaba kaɗan wajenka a karkata shi, don hasken ya leƙa ƙarƙashin gira. Ka duba kafaɗu. Faifai mai faɗin santimita 110 yana rufe kai da kafaɗa, ƙarami kuwa sai ka ga rana ta yanko gefen riga ta ƙone shi. Yadin zai ci maka haske kamar mataki ɗaya, sai ka buɗe zuwa f/8, kuma ka sani bayan hoton zai ƙara haske da gwargwadon haka. In farin bango ne a bayansa, canja kusurwa.

Wannan ya tausasa inuwar, amma bai cike ta ba. Cikewar aikin farin allo ne, ko da farin kwali ne mai faɗi. Mutumin da kansa yana iya riƙe shi daidai ƙirjinsa in hoton kai da kafaɗa ne. A nan ake yawan tuntuɓe: sai a sa allon a cikin inuwar difuza, alhali ba shi da hasken kansa, abin da ya faɗo masa kawai yake mayarwa. Turo shi gaba har rana ta kama gefensa, sa'an nan ka riƙa karkata shi a hankali kana kallon idon mutumin, ba kyamara ba. Za ka ga lokacin da kwarmin ya buɗe, wani ɗan farin ɗigo ya bayyana a ƙasan ƙwayar ido. Tsaya nan. Sake aunawa, in goshi f/8 ne ido kuma f/5.6, ka isa.

Ni da tsakar rana ba na taɓa ɓangaren azurfa na rigar faifan nan. Na taɓa haska wa wata baiwar Allah shi, tun ina koyo, hoto ashirin duk ta kanne ido tana hawaye, ga gumin da ke kumatunta kowane ɗigo yana walƙiya. Na zinare kuma rawaya yake shafa wa fata. In ka ga ƙarƙashin haɓa ya fi goshi haske, ko inuwar hanci ta juya tana hawa sama, to allon ya yi ƙarfi, fuskar za ta fito kamar ta wanda ya haska kansa da tocila cikin dare. Sauke shi ƙasa ko ka ja shi nesa.

In kai kaɗai ne, babu mai riƙe maka komai, sai filas. Juya mutumin har ranar ta ɗan koma bayan kansa, ka bar shata a 1/200 da f/11. Kada ka wuce 1/200, ko 1/250 a wasu kyamarorin, in ba haka ba baƙin layi zai yanke maka gefen hoto. Sa filas a TTL, wato inda kyamara ke auna masa ƙarfi da kanta, ka rage ƙarfinsa zuwa -1. Ɗauka, ka faɗaɗa hoton a kan ido. In har yanzu da duhu, dawo -0.7. In goshi ya soma ƙyalli, fuskar ta baje kamar an goge ta, sauka zuwa -1.7. Nisa kuma yana da iyaka: filas mai lambar ƙarfi 36, raba da 11 na f/11, mita uku da ɗoriya ke nan in ya saki duk ƙarfinsa. Tun da cike inuwa kawai kake so, zai kai ka mita huɗu da rabi. Bayan nan batir kawai kake ƙonawa. Ɗan ƙaramin da ke maƙale a kan kyamara kuwa, kada ka dogara da shi in ka wuce mita ɗaya da rabi.

In yana sanye da hula mai baki, roƙe shi ya ɗan tura ta baya, don difuza ba ya shiga ƙarƙashinta, sai allo ko filas. Ka kuma riƙa tafiya da hankici mai tsabta, ya goge gumi kafin kowace ɗauka.